Izinin Barin Bakin Aiki Domin Ba da Shaida ko Shiga Zaɓe: Nazarin Matsayin Ma'aikaci a Dokokin Nijeriya

Gabatarwa

Takardu iri uku kan sauka a teburin shugaban ma'aikata, dukkansu da take ɗaya, wato neman izini. Ta farko daga ma'aikacin da kotu ta aiko wa sammaci ya je ya ba da shaida. Ta biyu daga wanda yake son tafiya garinsu ya jefa ƙuri'a, ko wanda hukumar zaɓe ta ɗauka aikin wucin gadi. Ta uku daga wanda ya sayi fom zai tsaya takara. A ofisoshi da yawa kallo ɗaya ake yi musu: alfarma ce ake nema, mai gida ya ga dama ya yi, ya ga dama ya hana. A wajen doka kuwa ba su haɗa hanya ba. Mai sammaci ba shi da zaɓi, shugabansa ma ba shi da shi. Mai jefa ƙuri'a yana da haƙƙi, amma babu dokar da ta ware masa lokacin amfani da shi. Ɗan takara kuma, idan ma'aikacin gwamnati ne, izini kowane iri ba ya fisshe shi, sai ajiye aiki.

Wannan nazari ya bi waɗannan matsayi uku ta Kundin Tsarin Mulki na 1999, da Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, da Dokar Shaida ta 2011, da Dokar Ƙwadago, da Dokokin Aikin Gwamnatin Tarayya bugun 2008, da Dokar Zaɓe ta 2022, waɗanda su ne ke aiki lokacin babban zaɓen 2023. Abin da yake son nunawa shi ne cewa dokokin sun ɗora nauyi a kan ma'aikaci, sun yi shiru a kan wanda ya ɗauke shi aiki, don haka kariyar ma'aikaci ta koma kan abu biyu: takarda da kwanan wata.

Giɓin da ke cikin dokokin hutu

Dokokin Aikin Gwamnati sun jera nau'o'in hutu da dama. Akwai hutun shekara, da na rashin lafiya, da na haihuwa, da na jarrabawa, da na ƙaro ilimi da albashi ko babu albashi, da hutun uzuri na 'yan kwanaki, har da na wasanni da na harkar ƙungiyar ƙwadago. Hutun shekara ya danganta da matakin albashi: kwana 30 ga mai mataki na 07 zuwa sama, kwana 21 ga mataki na 04 zuwa 06, kwana 14 ga na ƙasa da haka. A cikin wannan jeri babu hutun da aka raɗa wa sunan ba da shaida ko jefa ƙuri'a. A ɗaya gefen kuma, dokokin sun sa ƙauracewa aiki ba da izini ba a sahun manyan laifuka, waɗanda hukuncinsu kan kai ga kora.

Ma'aikacin kamfani ya fi shiga matsi. Sashe na 18 na Dokar Ƙwadago ya ba wanda ya cika wata goma sha biyu yana aiki hutun da bai gaza kwana shida na aiki ba, da cikakken albashi. Sashe na 16 ya tanadi kwana goma sha biyu na jinya a shekara. Daga nan dokar ba ta ce komai ba a kan kiran kotu ko ranar zaɓe. Ƙari a kan haka, ma'anar da sashe na 91 ya ba "ma'aikaci" ta fitar da masu riƙe da muƙaman gudanarwa da ƙwararru, waɗannan sai abin da takardar ɗaukarsu aiki ta ce. Saboda haka duk mai neman irin wannan izini yana tsaye ne tsakanin hukuma biyu, kowacce tana da ikon hukunta shi idan ba ta gan shi ba.

Mai sammaci: sanarwa ce a rigar roƙo

Sashe na 241 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ya ba kotu ikon aika sammaci ga duk wanda ake ganin yana da shaida mai amfani. Idan an tabbatar sammacin ya isa hannunsa, bai zo ba, kuma babu uzuri karɓaɓɓe, sashe na 243 ya ba alƙali damar sa a kamo shi. Sashe na 246 ya ƙara da tarar da ba ta wuce Naira 10,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce wata biyu ba, ga wanda ya ƙi zuwa, da wanda ya zo amma ya bar harabar kotu ba tare da an sallame shi ba. Wannan doka ta kotunan tarayya ce da na Abuja. Jihohi sun yi nasu a kan tsarinta, kamar Kaduna a 2017 da Kano a 2019, kuma adadin tara na iya bambanta daga jiha zuwa jiha, amma ƙashin bayan maganar ɗaya ne.

Abin lura a nan shi ne wanda hukuncin yake hawa. Sunan ma'aikaci ne a kan sammacin, shi za a kama, shi za a ci tara. "Shugabana bai sa hannu ba" magana ce da alƙali zai iya saurara, amma ba ta ɗauke wajibcin. Umarnin kotu ya fi ƙarfin jadawalin aiki, kuma shugaban da ya tsare mai shaida da gangan yana jawo wa kansa tuhumar raina kotu. Don haka takardar da ma'aikaci zai rubuta, duk da za ta zo da lafazin ladabi irin na ofis, aikinta na gaskiya sanarwa ce. Abin da ya rage a hannun shugaba shi ne tsara wanda zai riƙe aikin, da yanke yadda za a lissafa kwanakin.

Sai dai wannan ƙarfi na mai sammaci ne kaɗai. Sau da yawa lauya ko ɗan'uwa ne kan ce wa mutum, "Don Allah ranar Talata ka zo ka faɗi abin da ka gani." Wannan gayyata ce, kuma wanda ya amsa ta ba shi da abin nunawa a ofis. Idan shugaba ya hana, hanin ya zauna. Mafita mai sauƙi ita ce mai shaidar ya nemi lauyan ya sa kotu ta fitar masa da sammaci, ko da kuwa da son ransa zai je. Takardar da mutane ke tsoro ita ce take kare shi.

Haka kuma ba kowane sammaci ne ke buƙatar mutum ya je da ƙafarsa ba. Akwai na ba da shaida da baki, akwai na kawo takarda kawai. Sashe na 218 na Dokar Shaida ya ce wanda aka kira domin ya kawo takarda, idan ya sa an kai ta, kotu na iya ɗauke masa zuwa. Sashe na 104 da na 105 sun yarda a gabatar da kwafin takardar hukuma da aka tabbatar da hatimi da sa hannun jami'in da ke riƙe da ita. Sashe na 177 kuma ya hana a tilasta wa ma'aikacin banki zuwa shari'ar da bankin ba ya ciki domin tabbatar da abin da ke littattafansa, sai da umarnin kotu bisa dalili na musamman. Jami'in ajiyar fayil da ya karanta sammacinsa da kyau zai iya gane cewa hatimi ake nema a wurinsa, ya huta da tafiyar kwana biyu.

Misali a aikace

A ɗauka ma'aikaciyar jinya ce a wani asibitin gwamnati da ke wata ƙaramar hukuma, ita ta karɓi wani da aka sara a daren da abin ya faru, ita ta rubuta lokacin da aka kawo shi da irin raunin. Bayan wata bakwai masinjan kotu ya kawo mata sammaci daga Babbar Kotun jiha, ana nemanta ranar Laraba da ƙarfe tara na safe, a babban birnin jiha, tafiyar awa huɗu. Ga jadawali kuma tana aikin dare a makon.

Abu na farko shi ne ta duba takardar kanta: sunan kotu, lambar ƙara, sunanta daidai, rana da lokaci, sa hannun alƙali ko magatakarda, da hatimi. Ta rubuta ranar da ta karɓa a kan kwafin da masinja zai mayar, domin idan an kawo mata a ƙurarren lokaci, wannan kwanan watan ne hujjarta. A ranar, ko washegari, ta rubuta wa shugaban asibiti ta hannun shugabar sashenta. Takardar ba ta buƙatar tsawo. Ta faɗi cewa ta karɓi sammaci mai lamba kaza a rana kaza, ana nemanta rana kaza, tana buƙatar Talata domin tafiya da Laraba domin zaman kotu, ta ambaci wadda ta yarda za ta riƙe mata aiki, ta liƙa kwafin sammacin. Ta yi kwafi biyu, a buga mata hatimin karɓa a kan ɗaya ta adana. Izinin baki da aka bayar a baranda ba ya shiga fayil, kuma shugaban da ya bayar da shi ana iya yi masa canjin wurin aiki kafin a tayar da maganar.

Akwai jumla ɗaya da ta fi kowacce nauyi a takardar: cewa shaidar ta taso ne daga aikinta na asibiti. Idan haka ne, zuwanta kotu ci gaba ne da aikin hukuma, kuma hujja mai ƙarfi ce a kan kada a cire kwanakin daga hutunta, a kuma duba kuɗin tafiyarta. Da a ce rigimar gona ce ta unguwarsu ta gani da idonta, wajibcin zuwa yana nan, amma ofis na iya lissafa kwanakin a hutun uzuri ko na shekara. Sannan tun da fayil ɗin majinyaci za a taɓa, dole shugabanni su sani kafin ta fita da shi. Ma'aikacin gwamnati yana ƙarƙashin rantsuwar riƙe sirri da Dokar Sirrin Hukuma ta 1962, kuma sashe na 191 na Dokar Shaida ya ba jami'i damar ɗaga maganar sirrin ofis a gaban alƙali. Hukuma ba za ta iya amfani da wannan dama ba idan ba a sanar da ita ba.

Inda abin yake lalacewa shi ne ɗage zama. Ta isa kotu, aka ce alƙali ya tafi taro, ko ba a kawo wanda ake tuhuma daga gidan gyaran hali ba, ko lauyan da zai yi mata tambayoyi ya aiko da takardar uzuri. Sashe na 396 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ya so a riƙa zama kullum ba yankewa, in hakan ya gagara kowane ɓangare kada ya wuce ɗagewa biyar, tsakanin zama da zama kada ya wuce kwana goma sha huɗu na aiki. Ko an bi wannan sau da ƙafa, mai shaida na iya zuwa sau uku kafin a gama da shi. Zuwa uku, kowanne kwana biyu, kwana shida ke nan. Ga ma'aikaciyar jinyar mai hutun kwana 30 abin da sauƙi. Ga mai gadin wani kamfani da ya ga fashi, wanda hutunsa na shekara bai wuce kwana shida ba, shekararsa ce ta tafi gaba ɗaya.

Maganin da ke hannunta biyu ne. Kowane zuwa ta nemi magatakardan kotu ya rubuta mata shaidar halarta, da sabuwar ranar da aka sa, ta kai ofis a sa a fayil, domin izinin farko na zama ɗaya ne, bai rufe na gaba ba. Sannan ta gaya wa mai gabatar da ƙara halin aikinta, ya roƙi kotu a fara da ita, a sallame ta da zarar an gama tambayoyi. Batun kuɗi ma doka ta taɓa shi. Sashe na 251 ya ce mai ba gwamnati shaida yana da haƙƙin a biya shi abin da ya kashe gwargwadon ƙa'ida, sashe na 252 ya bar na mai ba wanda ake tuhuma shaida ga ganin damar kotu, sashe na 253 kuma ya ba alƙali ikon ɗora kuɗin mai shaida a kan ɓangaren da ya nemi ɗagewa. Duk waɗannan kuɗin mota ne da makwanci. Albashin ranar da mai kamfani ya yanke ba ya cikinsu.

A kotunan Musulunci, inda mazhabar Malikiyya ke aiki, tushen wajibcin ya girmi waɗannan dokoki. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta hana mai shaida ƙin amsa kira, ta kuma hana a cutar da shi, aya ta 283 ta haramta ɓoye shaida. Malaman mazhabar, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shaihu Halil, sun auna wajibcin da nisan tafiya. Wanda ke kusa, kimanin baridi biyu, dole ne ya zo, kuma karɓar lada a kan haka yana zubar da shaidarsa, sai dai abin hawa ga wanda tafiya ta yi wa wuya. Wanda ke nisan da ake yin sallar ƙasaru kuwa ba a tilasta masa, kuma ya halatta a ɗauke masa abin hawa da guzuri. Ma'ana, tun ƙarnoni da suka wuce fiƙihu ya haɗa wajibcin shaida da tambayar wa zai ɗauki asarar mai shaida, tambayar da Dokar Ƙwadago ba ta amsa ba har yau.

Mai jefa ƙuri'a da ma'aikacin zaɓe

Nijeriya ta saba yin babban zaɓe ranar Asabar, tare da hana zirga-zirga. Wannan ya sa ake ganin kamar babu buƙatar izini. Amma mutum ba ya jefa ƙuri'a sai a rumfar da aka yi masa rajista, kuma a zaɓen 2023 babu tsarin jefa ƙuri'a kafin rana. Ma'aikacin da ke Legas, katinsa na Funtuwa, yana buƙatar Alhamis ko Juma'a domin tafiya, da Lahadi ko Litinin domin dawowa. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ba shi damar mayar da rajistarsa inda yake zaune, amma ana rufe gyaran rajista aƙalla kwana 90 kafin zaɓe. Wanda aka yi wa canjin wurin aiki bayan an rufe ba shi da hanya sai tafiya, kuma kwanakin tafiyar daga hutunsa za su fita.

Abin da gwamnati kan yi shi ne cike giɓin da sanarwar gaggawa. A 2019, bayan an ɗage zaɓen shugaban ƙasa daga 16 zuwa 23 ga Fabrairu, 'yan awoyi kafin a buɗe rumfuna, an ba da hutu ranar Juma'a 22 ga wata domin mutane su sake tafiya, amma aka cire ma'aikatan banki da masu ayyukan da ba a tsayarwa. A 2023 an umarci jami'o'i su rufe daga 22 ga Fabrairu zuwa 14 ga Maris. Irin wannan hutu kyauta ce ta lokaci ɗaya, ma'aikaci ba zai iya dogara da ita ba. Indiya ta bi wata hanya: sashe na 135B na dokar zaɓenta ta 1951 ya wajabta ba ma'aikaci hutu da albashi ranar zaɓe, da tara a kan wanda ya hana.

Ma'aikatan wucin gadi na hukumar INEC, wato masu yi wa ƙasa hidima da ke kula da rumfuna da malaman jami'a da ke tattara sakamako, galibi ta hannun hukumominsu ake sakinsu, don haka izinin horo da na ranar zaɓe ba ya wahala. Abin da ba a cika shiryawa ba shi ne abin da ke biyo baya. Sashe na 285 na Tsarin Mulki ya ba mai ƙorafi kwana 21 ya shigar da ƙara, ya ba kotun zaɓe kwana 180 ta yanke hukunci. A cikin wannan lokaci jami'in rumfa ko wakilin jam'iyya na iya samun sammaci. Hukuncin kotun ƙarar zaɓen shugaban ƙasa na 6 ga Satumba 2023, wanda Kotun Ƙoli ta tabbatar a 26 ga Oktoba, ya yi watsi da shaidar waɗanda aka kira da sammaci saboda ba a haɗa rubutaccen bayaninsu na rantsuwa da takardar ƙara a cikin kwana 21 ɗin ba. Sakamakon haka, wanda ya yi aikin rumfa yana iya buƙatar barin ofis sau biyu, tun a makonni ukun farko domin rantsuwa, sannan daga baya domin tambayoyi.

Ɗan takara: inda izini ba ya aiki

Nan ne kuskure ya fi tsada. Sashe na 66(1)(f) na Tsarin Mulki ya ce ma'aikacin gwamnatin tarayya ko ta jiha bai cancanci tsayawa takarar Majalisar Dattawa ko ta Wakilai ba, sai ya yi murabus, ko ya janye, ko ya yi ritaya kwana 30 kafin ranar zaɓe. Sashe na 107(1)(f) ya maimaita haka ga majalisar jiha, na 182(1)(g) ga gwamna, na 137(1)(g) ga shugaban ƙasa. Hanyoyin ukun duka suna yanke alaƙar aiki ne. Wanda ya karɓi hutu babu albashi har yanzu ma'aikaci ne: sunansa na cikin jerin ma'aikata, kujerarsa na jiransa. Taura biyu ba ta taunuwa. Ko babban sakatare ya sa hannu a kan hutun, abokin hamayya zai iya kai takardar gaban kotun zaɓe a matsayin hujjar cewa mai nasara bai cancanta ba tun farko.

Sai kuma saɓanin da ke tsakanin Tsarin Mulki da Dokokin Aikin Gwamnati. A bugun 2008, doka ta 030422 ta hana ma'aikaci, yana bakin aiki ko yana hutu, riƙe muƙamin jam'iyya, ko tsayawa takara, ko yi wa wani kamfe. Ta 030423 ta ce mai son shiga siyasa ya ajiye aiki nan take. Amma a shari'ar INEC da Balarabe Musa, wadda Kotun Ƙoli ta bayyana dalilanta a Janairun 2003, an soke tanadin Dokar Zaɓe ta 2001 da ya hana ma'aikatan gwamnati zama 'yan jam'iyya, bisa hujjar sashe na 40 na Tsarin Mulki. A 2022 ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya ya fitar da takardar tunatarwa cewa dokokin biyu suna nan daram, ƙungiyoyin ƙwadago kuma suka yi fatali da ita suna kafa hujja da wancan hukunci. Fahimtar da ta fi dacewa ita ce tambayoyi biyu ne daban. Tsarin Mulki yana amsa tambayar cancantar takara, dokokin aiki suna amsa tambayar ladabtarwa. Mutum na iya cancanta a idon kotun zaɓe, alhali takardar tuhuma na jiransa a ofis.

Jadawalin 2023 ya nuna girman tazarar. An rufe zaɓukan fid da gwani a 9 ga Yuni 2022. An buɗe kamfen na majalisar tarayya a 28 ga Satumba. Zaɓe ya kama 25 ga Fabrairu 2023, wato ranar ƙarshe ta ajiye aiki 26 ga Janairu. A ɗauka malamin kwalejin gwamnati ne ya ci tikitin Majalisar Wakilai a ƙarshen Mayu. Bisa Tsarin Mulki yana da kusan wata takwas kafin dole ta sa ya tafi, amma fastocinsa sun cika gari tun Satumba, kuma hutunsa na kwana 30 ba zai ɗauki kamfen na wata biyar ba. Idan ya jira sai 20 ga Janairu ya miƙa takarda mai ba da sanarwar wata ɗaya, ya rubuta da hannunsa cewa zai bar aiki a 20 ga Fabrairu, kwana biyar kafin zaɓe, ya buɗe ƙofar ƙara. Kotunan Nijeriya sun daɗe a kan cewa murabus yana aiki daga ranar da takarda ta isa hannun hukuma, ba sai an amince ba. Saboda haka abin da ya fi masa aminci shi ne murabus na nan take, ya biya albashin wata ɗaya a madadin sanarwa, ya riƙe rasit da kwafi mai hatimin karɓa. Idan albashin Fabrairu ya faɗo asusunsa saboda ba a cire sunansa ba, ya mayar da shi da takarda, domin takardar biyan albashi ce abu na farko da lauyan abokin hamayya zai nema.

Masu muƙaman siyasa, irin ministoci da kwamishinoni da masu ba da shawara, hanyarsu daban ce. Sashe na 84(12) na Dokar Zaɓe ta 2022 ya hana su zaɓa ko a zaɓe su a taron fid da gwani suna kan muƙami. Wannan ne ya sa Shugaba Muhammadu Buhari ya umarci ministocinsa masu neman takara su sauka a Mayun 2022, Rotimi Amaechi da Godswill Akpabio da Ogbonnaya Onu na cikin waɗanda suka sauka. Ma'aikacin kamfani kuma sharaɗin kwana 30 bai hau kansa ba, sai dai ya tabbatar kamfanin ba na gwamnati ba ne, domin sashe na 318 na Tsarin Mulki ya sa ma'aikatan kamfanin da gwamnati ke da rinjayen hannun jari a cikinsa a sahun ma'aikatan gwamnati.

Kammalawa

Tsarin da ake kai yana da dalilinsa. Tilasta wa mai shaida zuwa ya zama dole, in ba haka ba shari'a ba za ta yiwu ba. Raba ɗan takara da ofishin gwamnati ma yana hana a yi kamfe da motar hukuma da ma'aikatanta. Aibin tsarin shi ne ya bar asarar duka a wuyan mutum ɗaya. Mai shaida yana biya da hutunsa ko albashinsa, mai ƙuri'a yana jiran sanarwar da ba tabbas za ta zo, malamin da ya faɗi zaɓe kuma ya rasa kujera ya rasa aiki, abin da ke sa takara ta zama ta masu hali kaɗai. Afirka ta Kudu ta nuna akwai tsaka-tsaki: ma'aikacin gwamnati yana shiga hutu daga lokacin da aka tabbatar da shi ɗan takara, sai ya ci zaɓe ya karɓi kujera ake ɗauka ya yi murabus. Kawo irin wannan Nijeriya sai an gyara Tsarin Mulki, kuma aiki ne mai tsawo.

Na mai shaida da mai ƙuri'a kuwa bai kai haka wuya ba. Sashe ɗaya a Dokar Ƙwadago da doka ɗaya a Dokokin Aikin Gwamnati sun isa su ce ranar da mutum ya yi a kotu bisa sammaci ranar aiki ce, ba a yanke albashi, ba a cire ta daga hutu, ba a kora a kanta. Ƙungiyoyin ƙwadago ma za su iya sa wannan a yarjejeniyarsu da kamfanoni ba tare da jiran majalisa ba. Kafin a kai nan, shawara ga ma'aikaci ita ce ya fara tantance a wane sahu yake cikin ukun. Mai shaida ya nemi sammaci ya rubuta sanarwa, mai ƙuri'a ya mayar da rajistarsa kusa ko ya tanadi kwanakin hutu, ɗan takara kuma ya ƙirga kwana 30 baya daga ranar zaɓe, ya ajiye aiki kafin ranar, da hatimin karɓa a hannunsa.